Yadda ake shirya sanarwar dubiya da ziyarar mabuƙata a unguwa

Shekaru da dama ina riƙe da littafin kwamitin dubiya na masallacin unguwarmu, kuma ni nake rubuta sanarwar da ake karantawa duk lokacin da za mu soma sabon zagaye. Sanarwar farko da na rubuta ta kusa wargaza mana aiki, domin na saka jimla guda da na ɗauka alheri ce, wato duk mai buƙata ya zo ya rubuta sunansa. Washegari ƙofar masallaci ta cika, har da mutanen wasu unguwanni, alhali abin da ke hannunmu bai fi na gida goma ba, kuma waɗanda muka fi nufi, su da kunya ko ciwo ya zaunar a gida, ba wanda ya zo a cikinsu. Tun daga ranar nake bin tsarin da zan bayyana a nan, wanda ginshiƙinsa shi ne a faɗa wa jama'a ma'aunin zaɓe a fili, a kuma ɓoye sunayen waɗanda aka zaɓa.

Abubuwan da za ka tanada

Kana buƙatar littafin rubutu biyu masu kaurin bango. Na farko na kuɗi da kaya ne, wanda kowa yake da ikon ya duba shi. Na biyu na gidaje ne, kuma mutum uku kaɗai ke buɗe shi. Kada ka haɗa su a littafi ɗaya don tsimin kuɗi, domin ranar da wani ya nemi ganin lissafi za ka rasa yadda za ka nuna masa ba tare da ya karanta sunayen mutane ba.

Sai akwati ƙarami mai kwaɗo da tsaga a sama, wanda za a riƙa jefa takardun sunaye a ciki. Idan babu, gwangwanin madara babba da aka huda murfinsa aka liƙe da salatif yana wadatarwa. Kana kuma buƙatar kwano ɗaya na awo da za a tsaya a kansa, da ledoji ko ƙananan buhuna marasa rubutu, da sabulu da takunkumin fuska ga masu shiga wurin majinyata. A ɓangaren mutane, ka sami yardar liman da ta mai unguwa tun kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka kuma sami malama ɗaya daga Islamiyyar matan aure wadda za ta riƙe ɓangaren mata. Idan a unguwar akwai ma'aikacin lafiya, ko da na asibitin sha-ka-tafi ne, ka roƙe shi ya ba ku awa ɗaya ranar horar da 'yan sa kai.

1. Ka ƙirga abin da ke hannu kafin ka yi magana

Adadin gidajen da za a ambata a sanarwa daga rumbu yake fitowa. A ce kun tara buhun gero uku, kowanne mai kwano 40, wato kwano 120 ke nan. A ce kuma kun yanke cewa zagayen zai ɗauki wata uku, kowane gida zai riƙa samun kwano huɗu a wata. Gida ɗaya zai ci kwano 12 a zagayen, saboda haka gida goma za ku iya ɗauka. Wannan goman ita za ka faɗa, ko da wani attajiri ya yi alkawarin ƙara buhu biyu a mako mai zuwa. Alkawari ba ya shiga lissafi sai ya iso, kuma ya fi sauƙi a ƙara gida a tsakiyar zagaye da a ce wa gida an janye.

A nan ne kuma za ka tambayi kowane mai bayarwa ko abin da ya kawo zakka ce ko sadaka. Zakka tana da mutanen da aka iyakance mata, kashi takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, sadaka kuwa ƙofarta ta fi faɗi. Ka ware musu shafi daban-daban a littafin kuɗi, duk wata tambaya ta hukunci kuma ka miƙa ta ga liman. Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da ake son sayen sabulu ko biyan kuɗin keke mai ƙafa uku don kai majinyaci asibiti, domin a lokacin za ku san aljihun da ya halatta a taɓa ba tare da gardama ba.

2. Ku rubuta ma'aunin zaɓe, ku ukun nan

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne masu farawa suka fi tsallakewa. Masu zaɓe su zama uku: wakilin liman, wakilin mai unguwa, da malamar nan. Biyu suna iya rabuwa a rasa mai raba gardama, biyar kuwa sirri ba ya zama a cikinsu. Ku amince tun farko cewa idan sunan ɗan uwan ɗayanku ya fito, shi zai tashi ya bar sauran biyu su yanke.

Sharaɗi na farko shi ne iyakar wuri. Ku ambaci layuka ko alamomin da kowa ya sani, misali daga bakin kwalbati zuwa bayan makarantar firamare, kuma duk mazaunin cikin wannan iyaka ya shiga, ɗan gari ne ko baƙo, mai gida ne ko ɗan haya, yana sallah a masallacinku ko ba ya yi. Bayan wannan, mu tambayoyi biyar muke yi a kan kowane gida, kowace tambaya tana da maki daga sifiri zuwa biyu. Shin wanda yake ciyar da gidan yana kwance ko ya rasu? Sau nawa ake ɗora tukunya a yini? Akwai ƙananan yara, ko mai juna biyu, ko tsoho da ba ya iya tashi? Akwai ɗa ko ɗan uwa da yake aiko da wani abu a kai a kai? Akwai wani tallafi da gidan yake samu daga wata ƙungiya ko hukuma? A tambayoyi biyu na ƙarshe, rashin mai taimako shi ne yake ba da maki biyu.

Ga yadda abin yake aiki. An kawo sunan wata bazawara mai 'ya'ya huɗu da mijinta ya rasu bara, an kuma kawo sunan wani magini da ɓarin jikinsa ya shanye wata biyu da suka wuce. Kowa a unguwa zai ce a fara da marayu, ni ma zuciyata can ta karkata. Da aka bincika, bazawarar ta sami biyu a tambayar farko, ɗaya a ta biyu domin tana sayar da ƙosai kuma ana cin abinci sau biyu, biyu a ta uku, sifiri a ta huɗu domin ƙanin mijin yana aiko da hatsi duk wata, da ɗaya a ta biyar saboda ɗan abin da take samu lokacin azumi. Jimla shida. Maginin ya sami biyu a ta farko, biyu a ta biyu domin sau ɗaya ake girki kuma wani lokaci maƙwabta ne ke miƙo kwano, biyu a ta uku, biyu a ta huɗu domin baƙo ne da danginsa ke nesa, da biyu a ta biyar. Jimla goma. Mutum ne da aka saba ganinsa da rufin asiri, shi ya sa ba wanda ya lura cewa gidan ya durƙushe a cikin wata biyu. Makin bai hana bazawarar shiga ba, ta shiga a ta takwas, amma ya hana mu manta da wanda ba ya cikin jerin da ido ya saba da shi.

Idan gida biyu suka yi kunnen doki a gurbin ƙarshe, muna fifita wanda yake da majinyaci a kwance. Idan a nan ma sun yi daidai, sai a yi ƙuri'a a gaban liman, wanda bai samu ba ya zama na farko a zagaye mai zuwa.

Ka kuma raba dubiya da rabon kaya tun a wannan mataki. Dubiya ta kowane majinyaci ce, mai hali da marar hali, ba ta da maki kuma ba ta da adadi. Maki na kayan abinci ne kawai. Idan ba ka raba su ba, duk gidan da aka ga 'yan kwamiti sun shiga za a ce an kai musu sadaka, sai masu mutunci su fara rufe muku ƙofa. Idan kuwa an san kuna shiga gidan Alhaji kamar yadda kuke shiga gidan ɗan dako, ba wanda zai iya gane inda aka ajiye gero.

3. Ka tsara hanyar da sunaye za su iso

Kada mabuƙaci ya zama shi zai tsaya a layi. Maƙwabci ne zai rubuta sunan gidan da layinsa da abin da ya gani, ya jefa a akwati, kuma ba dole ne ya sa nasa sunan ba. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa ɗaya daga cikin ukun a keɓe. Mutum yana iya kawo sunan gidansa ta wannan hanyar, ba laifi ba ne. Ka sa ranar rufewa, mako ɗaya ya isa, sannan mako na biyu ya zama na bincike.

Akwatin da ke masallaci maza kaɗai yake kaiwa gare su, alhali mata sun fi sanin gidan da hayaƙi bai tashi ba. Saboda haka a ajiye na biyu a Islamiyyar matan aure, a kuma tambayi ungozoma da masu kitso da mai injin niƙa. Mafi ingancin sunayen da muka taɓa samu ta wannan ɓangaren suka fito.

4. Ka lissafa 'yan sa kai da abin da za ka nema a wurinsu

Ba a zuwa gida mutum ɗaya. Biyu-biyu ake tafiya, maza wurin maza, mata wurin mata, don kare mutuncin mai ziyara da na wanda aka ziyarta, kuma don a sami shaidar cewa kaya sun isa. Gida goma, idan kowane biyu za su riƙe gida biyu ko uku, suna buƙatar mutum takwas. Ka nemi goma sha biyu, domin a abin da na saba gani wasu sukan janye bayan fita ta biyu, kuma yawanci ba mugunta ba ce, hidimar gida ce. Ka nemi mata su fi yawa, tun da akasarin gidaje ba a shiga, kuma namiji iyakarsa zaure. Matar aure ta zo da yardar mijinta, ya fi kyau ma a ce liman ya ambaci wannan da bakinsa don mazan su ji daga sama.

Ka faɗi nauyin aikin da adadi. Kalmar taimakawa ba ta gaya wa kowa komai, amma idan ka ce awa biyu, ranar Asabar bayan La'asar, sau biyu a wata, har wata uku, mutum zai auna ya san ko zai iya. Ka kuma faɗa ƙarara cewa babu albashi, babu alawus, kuma ɗan sa kai ba ya cikin masu zaɓen gidaje. Wannan jimlar takan rage yawan masu zuwa, amma waɗanda ta kora da ma za su tafi ranar da suka gano haka da kansu, kuma a lokacin da fushi za su tafi.

5. Ka rubuta sanarwar

Sanarwar da za a karanta bayan sallah kada ta wuce minti biyu, domin mutane na neman takalmansu. Ka rubuta ta da gajerun jimloli, ka karanta ta da ƙarfi kai kaɗai kana duba agogo. Ga irin wadda muke amfani da ita:

"Assalamu alaikum. Jama'a, kwamitin dubiya na wannan masallaci, da iznin Malam Liman da Mai Unguwa, yana sanar da cewa zai soma zagayen wata uku daga Asabar ta farko a wata mai kamawa. Aikin kashi biyu ne. Na farko dubiyar duk marar lafiyar da ke cikin unguwar nan, daga bakin kwalbati zuwa bayan firamare. Na biyu kai abinci ga gida goma, domin abin da aka tara ke nan zai iya ɗauka. Mutum uku ne za su zaɓi gidajen, kuma za su duba ko mai ciyar da gida yana kwance ko ya rasu, da yadda ake samun abinci, da yara da tsofaffi, da ko akwai mai taimaka wa gidan. Wanda ya san irin wannan gida ya rubuta ya jefa a akwatin da ke nan ko na Islamiyyar mata kafin Juma'a mai zuwa. Kawo suna ba alkawari ba ne. Ba za a karanta sunan kowa ba, ba za a ɗauki hoton kowa ba. Muna kuma neman mutum goma sha biyu, maza da mata, da za su ba da awa biyu ranar Asabar bayan La'asar, sau biyu a wata, don Allah, babu biya. Mai niyya ya ga sakatare a nan ƙofa bayan sallah, mata kuma su ga Malama. Littafin kuɗi yana nan ga duk mai son dubawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya."

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu sunan attajirin da ya ba da buhu, babu labarin wani gida mai ban tausayi ko da an sakaya suna, domin a unguwa sakayawa ba ta ɓoye kowa. Idan ka ce wata baiwar Allah mai marayu huɗu a layin injin niƙa, ka riga ka faɗi sunanta. Babu kuma kalmomi irin su gajiyayyu da fakirai, waɗanda daidai ne a littafi amma suna da nauyi a kunnen wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa.

6. Ka isar da ita

A karanta ta bayan Magariba kwana uku a jere, da kuma ranar Juma'a idan masallacin na Juma'a ne. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa daga takarda, ba da ka ba, domin mai faɗa da ka yakan ƙara gishiri, sai gida goma su zama duk mabuƙatan unguwa. Malama ta karanta wa mata takardar nan ita kanta. A liƙa kwafi a ƙofar masallaci da boko, da ajami ma idan akwai dattawan da shi suka fi karantawa. Inda babu lasifika, ko a ƙauye, mai shela yana yin aikin, amma ka zauna da shi ya maimaita maka adadin da ranar rufewa har sai ya riƙe.

Saƙon murya a WhatsApp yana da amfani ga matasa, sai dai ba ya tsayawa inda aka aike shi. Idan za ka yi, ka fara da sunan unguwa da kwanan wata da shekara, in ba haka ba bayan wata shida wani zai zo daga wani gari da saƙon a wayarsa yana neman rabonsa.

7. Ka zauna da waɗanda suka amsa kira

Kafin kowa ya shiga gida, a yi zama ɗaya. A nan za a gaya musu cewa dubiya gajeriya ce, minti goma zuwa sha biyar, sai idan majinyacin ne ya riƙe su. A yi sallama, a jira izini, a ce sannu, ya jiki, a yi addu'a, a tambayi mai jinya ko akwai abin da ya gagara, domin sau da yawa ita ce ta fi gajiya kuma ba mai tambayarta. Ba a tambayar sunan ciwo idan ba a faɗa ba, ba a ba da labarin wanda irin ciwon ya kashe, ba a kuma rubuta wa kowa magani, na bature ko na gargajiya. Kayan abinci a kai su bayan Magariba a leda marar rubutu, a miƙa wa matar gida ba a gaban yaran maƙwabta ba. Waya ta zauna a aljihu.

Ma'aikacin lafiyan ya koya musu alamomin da ke nufin a daina dubiya a nemi asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da zufar dare, yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Amai da gudawa mai yawa ba ya jiran gobe. Yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya abin gaggawa ne, kuma duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi a Kano a 2023 ba zai yi wasa da shi ba. A irin waɗannan gidaje a sa takunkumi, a wanke hannu da sabulu da an fito, kuma mai juna biyu ko mai goyo kada a tura ta.

8. Ka shirya wa waɗanda ba su samu ba

Idan sunaye 27 suka shigo aka ɗauki goma, akwai gida 17 da wani ya sa musu rai. Kada a bar su da jita-jita. A sanarwa ta biyu, bayan an gama bincike, a faɗi adadi kawai: sunaye nawa suka shigo, nawa ne ke wajen iyaka, nawa aka ɗauka, nawa ke jiran zagaye na gaba, da ranar da za a sake dubawa. Wanda ya zo da ƙorafi a zaunar da shi a keɓe, a karanta masa tambayoyi biyar ɗin, a nuna masa makin gidan da ya kawo kaɗai, ban da na kowa. Idan ya kawo bayanin da ba ku sani ba, misali ɗan uwan da kuka ɗauka yana aike ya daina tun bara, ku gyara makin a gabansa, ku sa gidan a sahun farko na masu jira, ku rubuta ranar da aka gyara da sunan wanda ya kawo bayanin a gefen shafin.